“Kajina suna mutuwa, wane magani zan ba su?”

Ina da ɗan shagon abincin kaji da magungunan dabbobi, kuma na yi karatun kiwon lafiyar dabbobi kafin in buɗe shi. Saboda haka lambar wayata ta zama ta kowa. Wanda ya sayi buhu ɗaya a wurina zai ba maƙwabcinsa, maƙwabcin ya ba surukarsa, har ta kai ga mutanen da ban taɓa gani ba suna turo mini saƙo da tsakar dare. Saƙon da na fi samu kuwa shi ne wannan da na sa a kai. Wani lokaci da sallama a gabansa, wani lokaci babu: “Malam, kajina suna mutuwa, wane magani zan ba su?”

Mai wannan saƙo yana cikin tashin hankali na gaske. Sau da yawa kuɗin adashi ne ya zuba, ko jarin da miji ya ba mata, ko bashin da za a biya bayan salla. Ba na raina damuwarsa ko kaɗan. Amma saƙon nasa, in ka dube shi da idon mai sana’a, babu abin kamawa a cikinsa. Bai faɗi shekarun kajin ba, bai faɗi yawansu ba, bai faɗi nawa suka mutu ba, bai faɗi yadda suke yi kafin su mutu ba. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin tasha ya ce wa direba “kai ni,” bai faɗi garin ba.

Ra’ayina, wanda na kai gare shi bayan na yi kuskure kuma kuskuren ya ci dukiyar wani, shi ne: irin wannan saƙo ba a amsa shi da dogon bayani, ba a amsa shi da sunan magani, kuma ba a yin banza da shi. Gajeriyar amsa ake ba shi, wadda ta ƙunshi abu guda da mutum zai yi yanzu ba tare da ya cutu ba, da ’yan tambayoyin da amsarsu za ta ba ka abin kamawa. Na ga masu sana’armu da yawa suna ɗaukar gajarta amsa a matsayin rowar ilimi ko wulaƙanta mai tambaya. Ni a ganina, a wannan wuri, doguwar amsar ce take cutar da shi.

Bari in fara da kuskuren nawa. A farkon buɗe shagona, wani bawan Allah ya turo mini wannan saƙo da daddare. Ina son in taimaka, ina kuma son ya san cewa na san aikina. Na zauna na rubuta masa duk abin da ke kashe kaji: nukasul da alamominta, gumboro da nata, kashin jini, sanyi, zafi, ruɓaɓɓen abinci. A ƙarƙashin kowanne na rubuta abin da ake yi. A ƙarƙashin nukasul na ambaci cewa lasota ce rigakafinta. Saƙon ya yi tsawon da sai ka ja allo sau uku kafin ka kai ƙarshensa. Ya rubuto, “Na gode Malam, Allah ya ƙara basira.” Na kwanta ina jin na sauke nauyi.

Bayan kwana huɗu ya zo shago da kansa. Ashe a duk abin da na rubuta, kalma ɗaya ya riƙe, wadda ya taɓa ji a bakin mutane, wato lasota. Da gari ya waye ya sayo ta ya zuba wa kajin a ruwa. Kajin nan kuwa sati huɗu ne da su, gumboro ce ta kama su. Rigakafi ba magani ba ne. Ƙwayar cuta ce da aka raunana, ake ba lafiyayyar kaza domin jikinta ya koyi faɗa. Gumboro kuwa aikinta ke nan karya garkuwar jiki, don tana cin wani ɗan ƙullutu da ke saman duburar kaza, wanda shi ne ke haɗa sojojin jikinta tana ƙarama. Ka ɗauki kazar da garkuwarta ta riga ta rushe ka ƙara mata wata ƙwayar, ka ɗora mata kaya a kan kaya. Ya yi asarar da ta fi wadda zai yi da bai taɓa su da komai ba. Bai zarge ni ba, ya ce ƙaddara ce. Amma ni na san cewa da na tambaye shi abu ɗaya tak, “sati nawa ne da su?”, da zance ya canza. Duk abin da na rubuta masa gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Sai dai na zube masa gaskiya shida a gabansa na bar shi ya zaɓa, alhali rashin iya zaɓen ne ya sa ya nemi ni tun farko.

Wannan shi ne aibin doguwar amsa ga saƙon da babu komai a cikinsa. Tun da ba ka san halin da ake ciki ba, dole ka lissafo duk abin da zai iya yiwuwa. Mutumin da hankalinsa ya tashi kuwa ba ya karatu, lalube yake yi, yana neman suna ɗaya da zai kai wa mai kemis. Zai tsinci wanda ya fi sani ko wanda ya fi araha. Ka mayar masa da aikin gano cuta, ka kuma ba shi ƙarfin gwiwar cewa “Malam ne ya ce.”

Yanzu ga abin da nake rubutawa in irin wannan saƙo ya shigo. Kusan kullum kalmomin ba sa canzawa:

“Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya tsayar nan. Ki ware marasa lafiyar, ki sa musu ruwa mai tsabta, kada ki ba su sabon magani ko rigakafi tukuna. Ki faɗa mini: 1. Kwanansu nawa? 2. Su nawa ne, nawa suka mutu jiya, nawa yau? 3. Hoton kashinsu da hoton yadda suke tsaye. 4. Me aka ba su a satin nan? Ina jira.”

Ke nan. Bai kai layi bakwai a waya ba. Amma kowace kalma a ciki tana da dalilin zamanta, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don gajarta kaɗai ba ita ce abin nema ba. Ana iya gajartawa a ce “kawo su in gani” ko “Allah ya sawwaƙe,” a bar mutum inda yake.

Tambayar kwanaki ita ce ta farko saboda ita ce ta fi kowace rage mini hanya. Cututtukan kaji suna da lokacinsu. ’Yan tsakin da ba su wuce sati ɗaya ba, in suna mutuwa, abin da na fara zargi shi ne dumama: a satin farko suna bukatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35 a inda suke kwance, a riƙa rage kamar digiri uku kowane sati. In wuta ta mutu cikin dare a hunturu, za su cunkushe wuri guda, na ƙasa su shaƙe. In kuma an rufe ɗakin ruf da leda an kunna gawayi, hayaƙin ne zai kashe su. Daga sati uku zuwa shida, gumboro da kashin jini ne ke kan gaba. Manyan buroila da suka haura sati biyar, a watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40, in suna faɗuwa da rana tsaka kuma mafi ƙiba ne ke fara tafiya, zafi ne. Nukasul da murar tsuntsaye su ne ba su da ruwa da shekaru. Da lamba ɗaya, mutum ya kawar mini da rabin abubuwan da zan yi zato.

Tambaya ta biyu ba jimillar waɗanda suka mutu nake nema ba, yadda mutuwar ke tafiya nake so in gani. “Goma sun mutu” ba ta gaya mini komai. Goma cikin dubu a sati biyu abu ne da ke faruwa a kowace gona. Goma cikin hamsin a dare ɗaya gobara ce. Kashin jini yakan fara a hankali, ɗaya yau, biyu gobe, uku jibi. Gumboro takan taso farat ɗaya, ta kai ƙololuwa cikin kwana uku ko huɗu, sannan ta fara sauka da kanta cikin kamar sati guda. Wannan saukar ce ma ke sa mutane su rantse cewa wani magani ya warkar musu da gumboro, alhali lokacinta ne ya yi. Don haka nake raba tambayar: nawa jiya, nawa yau.

Hoto kuwa, gani ya kori ji. In na ce mutum ya bayyana mini kashin, zai ce “farin kashi ne,” kuma farin kashi a bakin masu kiwo suna ne da ya rufe cututtuka da yawa. Fari mai ruwa-ruwa da ke ɓata gashin gindi a kaza mai sati huɗu daban yake da fari mai danƙo da ke toshe duburar ɗan tsako, daban kuma da kore-kore da ake gani a nukasul. Hoto ɗaya ya raba gardama. Hoton tsayuwarsu kuma yana nuna mini abin da mai su ba zai yi tunanin faɗa ba: ko sun taru a jikin wuta, ko sun guje ta sun manne da bango, ko sun buɗe baki suna haki fukafukai a sake, ko wuyan wata ya murɗe. Kuma a bayan hoton nakan ga shimfiɗar ɗakin, in ga ko ta jiƙe.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda mutane suka fi jin nauyin amsawa, don kusan kullum sun riga sun ba da wani abu kafin su neme ni. Shi ya sa ba na cewa “kin ba su magani?”, wadda ke kama da tuhuma. Nakan ce “me aka ba su?”, kamar abu ne da na san an yi kuma ba laifi.

Me ya sa huɗu, ba goma ba? Ina da tambayoyi goma da zan so in yi: daga ina aka sayo su, wane abinci suke ci, ko maƙwabta na da kaji, ko an shigo da sababbi daga kasuwa. Amma na gwada na gani. In ka yi wa mutum tambaya goma, zai amsa ta ƙarshe da wadda ta fi sauƙi, ya bar sauran. Wani ma zai ga abin ya yi masa yawa ya rufe wayar. Huɗu masu lamba, mutum yakan bi su ɗaya bayan ɗaya. Sauran tambayoyin suna nan, za su zo a zagaye na biyu, lokacin da na san wacce ce a cikinsu take da amfani.

Sai umarnin da ke gaba da tambayoyin. Na zaɓi abubuwan da babu cutar da za su ƙara wa muni: ware marasa lafiya, ruwa mai tsabta, dakatar da sabon magani. Ko sanyi ne, ko zafi, ko gumboro, ko nukasul, waɗannan ba za su cutar ba. Kuma suna da wani amfanin. Mutumin da ke kallon dukiyarsa tana zubewa ba zai iya zama hannu rabbana ba, dole ya yi wani abu. In ban ba shi abin yi mai aminci ba, zai samo wa kansa marar aminci.

Bari in kawo yadda abin ya kasance da wata baiwar Allah a daminar da ta gabata. Saƙonta ya shigo bayan isha’i, kalmominsa kusan irin na mutumin can na farko. Na tura mata amsar nan. Bayan kamar minti ashirin ta dawo da saƙon murya: buroila ɗari ne, kwanansu 25, biyu sun mutu shekaranjiya, biyu jiya, uku yau. An yi musu rigakafin gumboro sau biyu da lasota sau ɗaya. Tun jiya tana ba su wani antibayotik da bitamin da wata ƙawarta ta ba ta. Ta haɗo da hoto biyu. A na farko akwai jan jini a cikin kashin, ba ratsi ba, jini sosai. A na biyu kajin sun takure, gashi a tashe, kuma a kewayen mazubin ruwa shimfiɗar ɓuntun shinkafar ta yi baƙi ta dunƙule.

Yanzu na sami abin kamawa. Kwana 25, mutuwa mai hawa a hankali, jini a kashi, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, damina. Duka suna nuni ga kashin jini, wanda masu gona ke kira koksi. Ƙwayar da ke kawo shi tana fita a kashin kaza, ta nuna a cikin shimfiɗa mai laima da ɗumi cikin kwana ɗaya ko biyu, wata kazar ta tsince ta, haka abin ke zagayawa. Na yi mata tambaya ɗaya ta ƙari, ko rufin na yoyo, ta ce mazubin ne ya tsage. Na ce ta sa leda a hannu ta ajiye mini ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu a ranar, a kawo da sassafe. Da na buɗe ta, ’yan jakunkunan nan biyu na ƙarshen hanji sun kumbura cike da jini, ƙullutun saman dubura kuwa lafiya lau, babu ɗigon jini a naman cinya irin na gumboro. Sai a lokacin na ambaci sunan magani. Na ba ta amfuroliyam, na nuna mata ma’aunin da ke jikin takardarsa, kwana biyar zuwa bakwai a ruwan sha, kuma ya zama shi kaɗai ne ruwan da za su samu. Na ce ta kwashe shimfiɗar da ta jiƙe ta zuba busasshiya, ta canza mazubin. Na kuma ce ta ajiye bitamin ɗin nan sai an gama, domin amfuroliyam yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun wani nau’in bitamin B, in kana zuba mata shi a ruwa kana warware aikin maganin da hannunka. Wannan bayani na ƙarshe ya ɗauke ni minti biyar a tsaye a shago, kuma ya cancanci minti biyar ɗin, don yanzu magana ce a kan kajinta, ba kajin duniya ba. Ta ƙara rasa huɗu a kwana biyun farko, daga nan mutuwar ta tsaya.

Ba gajarta nake wa’azi ba a ko’ina. Inda aka ba ni abin aiki, nakan yi bayani har sai an gane. Tsawon amsa ya kamata ya bi nauyin abin da aka ba ka, ba nauyin abin da ka sani ba.

A hunturun da ya biyo baya wani saurayi ya turo mini kalmomin nan dai. Amsarsa ga tambayar farko ita ce “kwana biyar,” hotonsa kuma ya nuna ’yan tsaki a tare a kusurwa ɗaya, kaskon gawayi a gefe ya mutu. Bai sayi komai a wurina ba. Na ce ya tashi sau biyu cikin dare ya duba wutar, ya bar wata kafa a sama don hayaƙi ya fita, ya zagaye kusurwoyin da kwali don kada su sami lungun cunkushewa. Da na amsa masa da sunan magani a saƙon farko, da ya kashe kuɗi, kuma da sanyi ya ci gaba da ɗibarsu.

Akwai masu ja da ni a kan wannan, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wani abokin sana’ata ya ce mini, “Kai dai kana da lokacin tambaya. Mutum ya zo neman suna, in ba ka ba shi ba, shago na gaba zai ba shi, ka rasa ciniki, kajin kuma su sha abin da ka guje musu.” Gaskiya ne hakan na faruwa. Akwai waɗanda na tura wa tambayoyi ban sake jin ɗuriyarsu ba, kuma na san inda suka nufa. Wannan yana damuna, ba don cinikin ba kawai. Amma dubi abin da ake ba su a can: kusan kullum antibayotik ne mai faɗi, a ce “gwada wannan.” Nukasul da gumboro da murar tsuntsaye duka bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa su. Sanyi da zafi kuwa ba cuta ba ne balle a yi zancen magani. Wato a mafi yawan lokuta an sayar wa mutum kwanciyar hankali ta kwana biyu, a cikin kwana biyun kuma ainihin matsalar ta yi nisa. Sannan abin ba ya tsayawa a gonarsa. Kowane irin maganin nan yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira kafin a yanka kazar ko a ci ƙwanta, kuma wanda kajinsa ke mutuwa ba jira yake yi ba, kasuwa yake kai su. Mu ne muke ci. Ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da maganin da ake zuba musu kan mai uwa da wabi, har ranar da za a neme shi da gaske ya ƙi ci. Shi ya sa nake cewa wannan ba maganar ladabin waya ba ce kaɗai. Amsar shaci-faɗi da aka tura cikin daƙiƙa goma tana ƙarewa a tukunyar wani.

Wasu kuma ta fuskar tarbiyya suke kallon abin. Mu mutane ne masu gaisuwa. Ba a faɗa wa babba magana a tsaye, ba a shiga zance sai an tambayi gida da iyali da gajiya. Sai su ga amsa mai lamba ɗaya zuwa huɗu kamar takardar ofis. Ni ma ba na tura tambaya ba tare da na amsa sallama na jajanta ba, kuma dattijo ba na ce masa “faɗa mini,” nakan ce “Baba, a taimaka mini da waɗannan.” Amma wanda gidansa ke cin wuta ba ya jin haushin maƙwabcin da ya taƙaita gaisuwa ya ce “ina bokiti?” Girmamawar da mai asara ke bukata ita ce ya ga an ɗauki matsalarsa da gaske, kuma tambaya mai ma’ana tana nuna hakan fiye da layi goma na addu’a da nasiha.

Haka nake yi da mai turo “Salam” kawai ya yi shiru yana jira. Da can nakan amsa, shi ma ya ce “ya aiki,” in ce “alhamdu lillahi,” ya ce “ya iyali,” kowane saƙo da tazarar awa guda saboda ina tare da masu sayayya, har la’asar ba a zo kan magana ba. Yanzu a saƙo ɗaya nake haɗawa: “Wa alaikumus salam, da fatan kana lafiya da iyali. Ina jinka, me ke tafe da kai?” Na ba sallama haƙƙinta, na kuma buɗe masa ƙofa. Wanda ba ya karatu kuwa, da murya nake tura masa, ba ta wuce rabin minti, in ce tambayoyin huɗu ne kafin in fara, don ya riƙa ƙirgawa.

Sai dai akwai gajeriyar amsar da na tsana, kuma ita ce ta fi yawa a ofisoshinmu: “An karɓi ƙorafinka, ana dubawa.” Na taɓa tura kuɗin abincin kaji ga wani dila, aka cire a asusuna bai shiga nasa ba. Cikin ruɗewa na rubuta wa bankin cewa kuɗina sun maƙale, ban sa rana ba, ban sa adadi ba. Laifin saƙona ne, babu abin kamawa a cikinsa. Amma amsar da ta dawo ita ce ana dubawa. Me ake dubawa, alhali ban ba su komai ba? Kwana uku na yi ina jira kafin wani ma’aikaci ya ce in turo ranar, da adadin, da lambar shaidar cinikin. Wannan layi ɗaya da an rubuto shi a ranar farko, da an rage mini kwana uku. Gajeriyar amsa mai amfani tana barin mutum ya san abin da zai yi na gaba da kuma abin da kake jira daga gare shi. Wadda ba ta yi haka ba, sallamar mutum ce kawai aka yi da lafazi mai daɗi.

Akwai wuri ɗaya da nake karya tsarin nawa, in ƙara layi tun kafin a amsa mini. In saƙon ya zo da alamar mutuwa mai yawa a lokaci guda, irin “na tashi na tarar da rabi a ƙasa,” ba na jiran hoto. Nakan ƙara cewa kada a sayar, kada a yanka, kada a jefar da gawar a bola, kada yara su taɓa, kada kowa ya fita daga ɗakin kajin ya shiga wata gonar, kuma a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Waɗanda suka yi kiwo a 2006 ba su manta ba, lokacin da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna cikin watan Fabrairu, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a Magariya a Nijar. Ta sake dawowa a farkon 2015, Kano na cikin inda ta fara. Ba ni da ikon gane ta ta waya, kuma ba aikina ba ne. Samfuri ake ɗauka a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato. Abin da ke hannuna shi ne in hana gawar nan isa kasuwa a awannin farko, kuma wannan ma layi biyu ne.

Abin da ya fi ba ni wahala har yanzu shi ne tambaya ta ɗaya. Za ka yi mamakin yawan masu kiwon da ba su san kwanakin kajinsu ba. “Sun kai wata,” in ji wani, sai ka lissafa ka ga kwana 19 ne. Wata ta ce “tun kafin bikin ƙanwata na kawo su.” Tsakanin kwana 19 da kwana 35 kuwa akwai cututtuka daban, akwai rigakafin da ya kamata a ce an yi ko ba a yi ba. Don haka yanzu duk wanda ya ɗauki kwalin ’yan tsaki ta hannuna, kafin ya fita nakan rubuta ranar a jikin kwalin da babban alƙalami, in ce in ya isa gida ya kwafe ta da gawayi a bangon ɗakin, a ƙarƙashinta ya riƙa jan layi ɗaya duk ranar da wata ta mutu, ya rubuta ranar kowane rigakafi a gefe. Wasu suna yi, wasu kwalin ma a hanya suke yar da shi. Waɗanda suka yi, in abu ya faru, hoton bangon suke fara turo mini.